Yadda ake auna lafiyar masana'anta da ma'aunin Z kafin a ba ta bashi

Duk kaka ana yin irin wannan cinikin a Katsina. Mai hatsi ya tara waken suya ko gyaɗa daga kasuwannin Dandume, Bakori da Funtuwa, sai masana'antar matsar mai ta ce a kawo mata tan kaza, za ta biya nan da wata biyu. Abin da mai kaya kan duba shi ne mutuncin mai kamfanin, da girman katangar, da yawan tireloli a bakin ƙofa. Waɗannan duk suna da muhimmanci, amma kamfani yana iya kasancewa da su gaba ɗaya alhali bashi ya riga ya kai masa wuya. Idan kamfanin yana da rajista, yana kuma fitar da lissafin shekara da odita, wato mai binciken lissafi, ya sa wa hannu, akwai hanyar da za ka bi ka matse waɗannan takardun su ba ka lamba ɗaya da za ta nuna kusancinsa da durƙushewa. Ita ce ake kira ma'aunin Z.

Wani malamin jami'ar New York mai suna Edward Altman ne ya fitar da shi a 1968. Ya ɗauki masana'antu 66 na Amurka, 33 da suka karye tsakanin 1946 da 1965, da 33 da suka tsira, ya nemo alƙaluman da suka fi bambanta waɗannan da waɗancan. Ya tsaya a kan guda biyar, ya ba kowanne nauyinsa. A kan kamfanonin da ya gina lissafin da su, ya dace da kusan kashi 95 cikin ɗari idan saura shekara ɗaya a karye, ya sauko zuwa kusan 72 idan saura shekara biyu. Ka riƙe wannan a ranka tun yanzu: ma'aunin yana hango na kusa ne, kuma a wata ƙasa da wani zamani aka ƙera shi.

Zaɓi ma'aunin da ya dace

Nan ne da yawa suke fara tuntuɓe. Ma'aunin 1968 na kamfanonin da ake sayar da hannun jarinsu a kasuwar hannun jari ne, domin ɗaya daga cikin alƙalumansa yana buƙatar farashin hannun jarin a kasuwa. Masana'antun da muke hulɗa da su a Katsina da Daura kusan duka na iyali ne ko na 'yan abokan kasuwanci, ba su da irin wannan farashin. Saboda irinsu Altman ya sake fitar da wani a 1983, wanda ake rubutawa Z', ya sauya nauyin kowane adadi, ya kuma sauya iyakokin. Shi za mu yi aiki da shi:

```
Z' = 0.717*X1 + 0.847*X2 + 3.107*X3 + 0.420*X4 + 0.998*X5
```

Idan sakamakon ya haura 2.9, kamfanin ya yi kama da waɗanda suka tsira. Idan ya gaza 1.23, ya yi kama da waɗanda suka karye. Tsakanin biyun kuwa yankin shakka ne. Za ka ga wasu suna ambaton 2.99 da 1.81. Waɗannan iyakokin tsohon ma'aunin ne, kada ka haɗa su da wannan, domin za ka yanke wa kamfani hukuncin da ba nasa ba.

Takardun da za ka nema

Ka nemi lissafin shekara biyu aƙalla, uku in da hali, wanda odita ya duba ya sa hannu. Takarda biyu ne ginshiƙai: wadda ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake binsa, mai taken `Statement of financial position`, da ta riba da asara, mai taken `Statement of profit or loss`. Kada ka yarda a ba ka waɗannan shafuka biyu kawai. Ka ce a haɗa da bayanan da ke biye da su, domin a can ake faɗin tsawon lokacin da basussuka suka yi da ranar da rance zai cika. Kamfanin da ke son ka zuba masa kayan miliyoyi amma yana jin nauyin nuna maka takardunsa, wannan ma amsa ce.

Bari mu ɗauki misali. Alƙaluman da ke tafe na koyarwa ne, ba na wani kamfani da ke raye ba. A ce masana'antar matsar man waken suya ce a bayan garin Katsina, kuma duk lissafin da miliyoyin naira ne.

A bana kadarorinta gaba ɗaya 1,000 ne. Daga ciki 580 gini ne da injuna da fili, sauran 420 kuma kadarori ne masu juyawa cikin shekara: tsabar kuɗi 30, bashin da take bin masu saye 150, kayan da ke sito 240. Ana binta 650: bashin da za ta biya cikin shekara 360, na dogon zango 290. Abin da ya rage wa masu kamfanin 350 ne, wato jarin da suka zuba 200, ribar da aka tara tsawon shekaru 90, da 60 da ya samu saboda an sake yi wa fili da gini kuɗi. Cinikin shekara 1,500. Kafin haraji ta yi asarar 25, bayan ta biya kuɗin ruwa 95.

Alƙaluma biyar, ɗaya bayan ɗaya

X1 yana tambayar ko akwai abin juyawa. Ka cire bashin cikin shekara daga kadarori masu juyawa, ka raba da jimlar kadarori. A nan 420 a cire 360 ya bar 60, wato kuɗin juyawa, a raba da 1,000 ya ba da 0.06. Ma'ana, idan aka biya duk masu bin bashi na kusa, abin da zai rage na sayen ɗanyen kaya da man janareta da biyan albashi kaɗan ne.

X2 shi ne ribar da aka tara, layin `Retained earnings`, a raba da jimlar kadarori: 90 bisa 1,000, wato 0.09. Wannan adadin tarihi yake ba da labari. Kamfanin da ya girma da guminsa zai nuna adadi babba, wanda ya girma da rance zai nuna ƙarami. Sabon kamfani ma zai nuna ƙarami ko da yana da lafiya, kuma Altman ya san da haka, ya bar shi da gangan, domin sababbin kamfanoni sun fi saurin faɗuwa.

X3 shi ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi kuskurewa. Ana son ribar aiki kafin a cire kuɗin ruwa da haraji. Sau da yawa ba za ka same ta a rubuce ba, sai ka haɗa da kanka: ka ɗauki riba ko asara kafin haraji, ka mayar mata da kuɗin ruwan da aka cire, wanda ke layin `Finance costs`. A misalinmu asarar 25 a haɗa da 95 ta koma ribar 70, a raba da 1,000 ya ba da 0.07. Idan kamfanin da bankin Musulunci yake hulɗa, ribar murabaha da yake biya, wato ƙarin da bankin ke ɗorawa a kan kayan da ya saya masa, ita ma kuɗin samun jari ce, ka mayar da ita kamar yadda za ka mayar da kuɗin ruwa. Sannan ka duba ko an cusa ribar da ba ta aiki ba, kamar kuɗin sayar da tsohuwar mota ko fili. Irin wannan ba za ta maimaitu baɗi ba, ka cire ta.

X4 shi ne rabon masu kamfani a raba da jimlar bashi, ba jimlar kadarori ba: 350 bisa 650, wato 0.538. X5 kuma ciniki ne a raba da jimlar kadarori: 1,500 bisa 1,000, wato 1.5.

Ka lura duka da ɗigo ake sa su. Idan ka rubuta 6 a madadin 0.06 don kana tunanin kashi shida cikin ɗari, sakamakon zai tashi sama ya nuna maka lafiyar da babu ita.

Yanzu a ninka kowanne da nauyinsa:

```
0.717 * 0.06  = 0.043
0.847 * 0.09  = 0.076
3.107 * 0.07  = 0.217
0.420 * 0.538 = 0.226
0.998 * 1.5   = 1.497
Z'            = 2.06
```

Sakamakon 2.06 ne, tsakiyar yankin shakka. Mai gaggawa zai ce ai ya yi nisa da 1.23, a loda motoci. Ni a ganina nan ne aikin ya fara.

Dubi inda lambar ta fito

Daga cikin 2.06 ɗin nan, kusan 1.5 daga ciniki kaɗai ya zo. Sauran huɗun, waɗanda su ne ke magana a kan riba da bashi da kuɗin juyawa, duka-duka 0.56 suka kawo. Wannan ba abin mamaki ba ne ga masana'antar da ke sarrafa amfanin gona. Tana sayen wake da tsada, ta matse, ta sayar da mai da tunkuza da ɗan ƙari kaɗan a kai. Kuɗi masu yawa suna ratsa hannunta, amma abin da ke maƙalewa ƙalilan ne. Injin casar shinkafa da kamfanin gurzar auduga duk haka suke.

Ga kuma hauhawar farashi. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan shekarar ciniki yana kumbura a takarda ko da ba a ƙara buhu ɗaya ba, alhali injuna suna nan a rubuce da tsohon farashin da aka saye su, ana ma rage musu daraja kowace shekara. Saman lissafin yana hawa, ƙasansa yana tsaye, sai X5 ya yi ta girma ba tare da kamfanin ya ƙara lafiya ba. Masana'antun Amurka da aka gina ma'aunin a kansu ba su rayu cikin irin wannan yanayin ba.

Don haka mataki na gaba shi ne a lissafa na bara. A ce bara kadarorin 800 ne, kuɗin juyawa 120, ribar da aka tara 115, ribar aiki 104, rabon masu kamfani 315, bashi 485, ciniki 1,120. Idan ka bi matakan nan za ka samu 2.30. Daga 2.30 zuwa 2.06 kamar ba wata faɗuwa ba ce. Amma ka ware ciniki gefe ka gani: sauran huɗun sun sauko daga 0.91 zuwa 0.56. Cinikin ya ƙaru da kusan kashi 34 cikin ɗari, wanda bai wuce tashin farashi ba, ribar aiki kuma ta ragu daga 104 zuwa 70, bashi ya hau daga 485 zuwa 650. Kamfanin ya ci ƙarin bashi ne don ya riƙe cinikin da bai ƙaru ba a zahiri.

Akwai ma'auni na uku da Altman ya fitar, Z'', wanda ya cire ciniki gaba ɗaya. An yi shi ne don kamfanonin da ba masana'antu ba da kuma na ƙasashe masu tasowa, kuma ina ba da shawarar a riƙa lissafa shi kusa da Z' a kowane lokaci:

```
Z'' = 6.56*X1 + 3.26*X2 + 6.72*X3 + 1.05*X4
```

Iyakokinsa 2.6 a sama, 1.1 a ƙasa. Wasu suna ƙara masa 3.25 a ƙarshe, amma wannan sigar tana da nata ma'aunin karantawa, don haka in za ka yi amfani da 2.6 da 1.1 kada ka ƙara komai. A kamfaninmu Z'' na bara 3.01 ne, wato yana cikin masu lafiya. Na bana 1.72. Cikin shekara ɗaya ya zubar da kusan rabin ƙarfinsa, abin da Z' ya kusa ɓoyewa.

Tace takardun kafin ka yarda da su

Ma'aunin ba ya tambayar gaskiyar abin da aka ba shi. Abin da ka zuba shi zai niƙa. Saboda haka sai ka koma cikin bayanan odita, in da hali kuma ka taka da ƙafarka zuwa masana'antar, ka duba wurare huɗu.

Na farko bashin da kamfanin ke bin mutane. A cikin 150 ɗin nan, nawa ne ya wuce shekara ba a biya ba? A kasuwancinmu akwai bashin da kowa ya san ba zai dawo ba, amma ana jin nauyin goge shi saboda wanda ake bi suruki ne ko babban mutum ne a gari. Yana nan a takarda a matsayin kadara. A ce ka gano 50 irin wannan ne.

Na biyu sito. Wake da ya sha danshi, gyaɗar da ta yi fumfuna, tunkuzar da ta daɗe ta canza wari, duk suna iya zama a rubuce da farashin da aka saye su. Ka nemi a buɗe maka sito, ka ƙirga layin buhuna, ka sa a huda wasu daga ciki da ƙasa, ba na bakin ƙofa kawai ba. A ce 30 daga cikin 240 ba za su sayu da wannan kuɗin ba.

Na uku sake yi wa fili da gini kuɗi. Ba haramun ba ne a ƙa'idar lissafi, kuma filaye a Katsina sun yi tsada da gaske. Sai dai wannan 60 ɗin ba kuɗi ne da suka shigo ba, ba za a biya ka da su ba, kuma galibi filin yana jingine a banki, wanda zai riga ka ɗauka idan abu ya lalace. Ka cire shi daga kadarori da kuma rabon masu kamfani.

Na huɗu rancen dogon zango da wa'adin wani ɓangarensa ya kusa. Idan 40 daga cikin 290 za a biya su cikin wata goma sha biyu masu zuwa amma an bar su a layin dogon zango, ka mayar da su cikin bashin kusa. A nan ne kuma za ka duba ko akwai rancen dala. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kamfanin da ya sayo inji da bashin dala ya ga bashinsa ya ninka a naira ba tare da ya karɓi ko sisi ba.

Bayan wannan tacewar, kadarori masu juyawa sun koma 340, bashin kusa ya zama 400, kuɗin juyawa ya faɗa ƙasa da sifili da 60. Jimlar kadarori 860, ribar da aka tara ta koma 10, rabon masu kamfani 210. A bar ribar aiki a 70 don a yi wa kamfanin sassauci. Ka sake lissafi, za ka ga abin da ya sa nake nanata maganar ciniki: Z' ya zama 2.09, ya ɗan hau ma, domin kadarorin da ake raba ciniki da su sun ragu. Z'' kuwa ya faɗo zuwa 0.47, can ƙasa da 1.1. Idan ka cire asarar 80 ɗin nan daga ribar bana, kamar yadda akanta mai tsanani zai yi, Z' ma zai sauko zuwa 1.80. Duk lokacin da ma'aunan biyu suka raba hanya haka a masana'antar da cinikinta ke da yawa ribarta kaɗan, na fi karkata ga wanda babu ciniki a cikinsa.

Abubuwan da lambar ba ta gani

Ranar rufe lissafi tana da tasiri. Kamfanin da ke rufewa a Disamba yana yin haka ne bayan kaka, lokacin da sito ya cika, bashin sayen kaya ma ya cika. Wanda ke rufewa a Yuni zai nuna wata siffa dabam. Kada ka kwatanta kamfanoni biyu da watan rufewarsu ya bambanta, ka kwatanta kamfani da kansa a wata ɗaya na shekaru dabam-dabam.

Sai bashin darakta. A masana'antun iyali, maigida kan zuba kuɗinsa idan abu ya matse, akanta ya rubuta shi a matsayin bashi. Wannan yana rage X4, yana sa kamfanin ya yi kama da mai rauni fiye da yadda yake, domin Alhaji ba zai kai kamfaninsa kotu ba. Amma fa yana iya janye kuɗinsa gobe ya sa a wata harka. Idan ya yarda ya rubuta cewa ba zai karɓi nasa ba sai an biya na waje, kana iya lissafa shi cikin jari. In bai rubuta ba, ka bar shi a bashi.

Haka nan ma'aunin bai san cewa rabin cinikin kamfanin mutum ɗaya ne ke saye ba, bai san hanyar da ake kawo ɗanyen kaya ta zama mai haɗari ba, bai san rikicin gado da ke jiran kamfanin ba. Kuma takardun da ke hannunka sun riga sun tsufa da wata shida ko tara kafin su iso gare ka. Shi ya sa ya kamata ka nemi bayanan asusun banki na watannin baya-bayan nan, ka kuma tambayi masu kawo wa kamfanin kaya ko ana biyansu a kan lokaci, ka ji ko ma'aikata suna bin albashi.

Akwai wani ɗan gwaji da ke tafiya tare da Z: ka raba ribar aiki da kuɗin ruwa. A misalinmu 70 bisa 95 bai kai ɗaya ba, wato duk abin da injuna suka samar a shekara bai isa biyan banki ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗorawa a kai. Masana'antar da kadarorinta ke kawo kashi 7 cikin ɗari tana cin rance mai tsadar da ta ninka haka sau uku ko huɗu, kowane sabon rance ƙara mata rauni yake yi.

Me za ka yi da sakamakon?

Lambar ba ta ce kamfanin zai rufe bana ba. Ta ce ya yi kama da waɗanda suka rufe, kuma yana tafiya ta wannan fuskar da sauri. Ga mai kawo kaya, wannan ba lallai ya zama yanke hulɗa ba, sharuɗɗa ne za su canza. Maimakon tan ɗari a kan bashin wata biyu, ka raba kayan kashi-kashi, kada mota ta biyu ta tashi sai an biya ta farko. Ka nemi rabin kuɗi a hannu, ka rage wa'adi zuwa mako biyu, ka sa a rubuta yarjejeniya da shaidu, maigidan kuma ya tsaya da sunansa, ba da sunan kamfani kaɗai ba. In za a biya ka da mai ko tunkuza a madadin kuɗi, a tsayar da farashi da ranar ɗauka tun kafin a sauke kaya.

Ga wanda ake gayyata ya sa jari, tambayar ita ce ina kuɗinsa za su tafi. Kafin ka sa hannu, ka zauna ka sake lissafin kamar an riga an zuba kuɗin. A kamfaninmu da aka tace, idan aka kawo sabon jari na 150 aka biya bashin kusa da shi, bashin kusa zai koma 250, kuɗin juyawa ya zama 90, jimlar bashi 500, rabon masu kamfani 360, kuma Z'' zai tashi daga 0.47 zuwa kusan 2.0. Idan kuwa sabon inji za a saya da kuɗin, kuɗin juyawa yana nan ƙasa da sifili, bashin 650 yana nan, Z'' ba zai wuce 0.7 ba. Don haka ka sa a rubuta a cikin yarjejeniyar wane bashi za a biya da kuɗinka, a kuma ba ka lissafin kamfanin duk wata uku domin ka riƙa sake aunawa.